Lu'ulu'u Na Gaske Ne Ko Jabu? Tambayoyin Da Matan Bauchi Suka Fi Yi Mini

Sana'ata haɗa kayan lefe da shirya duwatsun wuya, a nan cikin garin Bauchi. Da wuya mako ya wuce wata ba ta kwance ƙullin gyale ta ajiye mini sarƙa a gaba ba, ta ce in duba mata ko an cuce ta. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Da farko dai mu daidaita suna, domin Bahaushe yana kiran daimon ma lu'ulu'u. Wanda nake magana a kai shi ne farin ƙwayar nan mai sheƙi da ake samu a cikin kawa ko ƙumba, wato dabbobin ruwa masu kwanso, wadda Alƙur'ani ya ambata tare da murjani a Suratur Rahman.

Anti, a taƙaice dai, iri nawa ne?

Idan kika ce "na gaske ne ko jabu", tambaya biyu kika haɗa a baki ɗaya, kuma a nan ruɗanin yake farawa. Tambaya ta farko: dabbar ruwa ce ta yi wannan ƙwayar ko masana'anta? Ta biyu: in dabba ce ta yi, da kanta ta yi ko mutum ne ya sa ta?

Ki ɗauki misalin kifi. Tarwaɗar da aka kamo a dam ɗin Gubi da wadda aka yi kiwonta a tafkin siminti a bayan gida duk tarwaɗa ce, babu mai cewa ta kiwo jabu ce. Kifin roba na wasan yara shi ne jabu. Haka lu'ulu'u yake. Akwai na asali, wanda kawa ta yi da kanta a cikin teku ba da sa hannun kowa ba. Akwai na kiwo, wanda mutum ya dasa wa dabbar wani abu a jiki ta lulluɓe shi. Sai jabu, ƙwayar gilashi ko roba da aka shafa wa fenti, wanda ya cika kayan fashin a kasuwannin Wunti da Muda Lawal.

Shi kuwa "na ruwan daɗi" da kike ji ana faɗa, bayanin mazaunin dabbar ne kawai: ta tafki da kogi ce ko ta ruwan gishiri. Kusan duk na ruwan daɗin da ke kasuwa yau na kiwo ne.

Tambayar farko za ki iya amsa ta da hannunki da idonki a cikin minti biyar. Ta biyu kuwa ni ba zan iya tabbatar miki ba, maƙerin zinare ma ba zai iya ba, sai na'ura.

Wai da gaske ƙwayar yashi ce ke shiga cikin kawa ta zama lu'ulu'u?

Yawanci ba yashi ba ne. Tsutsa ce ko wani rauni ke tura ɗan yankin fatar dabbar zuwa cikin namanta. Wannan fatar aikinta fitar da sinadarin da ke gina cikin kwanson dabbar, to sai ta zama 'yar jaka ta ci gaba da aikinta a inda ta tsinci kanta, tana shimfiɗa ɓawo kan ɓawo, siriri ƙwarai, kamar albasa. Ɓawon nan haɗin abu biyu ne: ma'adinin alli, dangin na ƙwanson ƙwai, da wani furotin da ke manne shi kamar ƙaro, sai ɗan ruwa kaɗan.

Ki riƙe wannan haɗin a ranki, domin duk dokokin kulawar da zan kawo daga nan suka fito. Alli yana narkewa a abu mai tsami. Furotin yana bushewa a zafi, kuma bilic yana cinye shi.

Mahaifiyata ta sayo sarƙa a Makka, mai shagon ya rantse mata na asali ne. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma da ƙyar, kuma sau da yawa mai shagon ba ƙarya ya yi ba. A bakin 'yan kasuwa "asali" na nufin ba roba ba ne. Ita kuma Hajiya ta ɗauka wanda masu nutso suka tsamo daga ƙasan teku ake nufi.

Na asalin gaske ya yi ƙaranci tun kusan shekara ɗari da suka wuce. A da, cibiyarsa Tekun Fasha ce, musamman Baharain, sai mashigin Mannar da ke tsakanin Indiya da Sirilanka. Masu nutso kan buɗe kawa ɗaruruwa kafin su sami ƙwaya ɗaya mai kyau, sannan a shafe shekaru ana tara waɗanda suka yi kama da juna kafin sarƙa ɗaya ta cika. A 1893 wani Bajafane, Kokichi Mikimoto, ya yi nasarar kiwon lu'ulu'u mai rabin da'ira, daga baya aka gano hanyar samar da kewayayye. Zuwa shekarun 1920 da 1930 na kiwo ya cika kasuwannin duniya, sana'ar nutso a ƙasashen Larabawa ta durƙushe, man fetur ya zo ya kwashe sauran ma'aikatan.

Ga abin da zai nuna miki girman sauyin. A 1917 kamfanin Cartier ya karɓi wani katafaren gida a birnin New York, ya ba da sarƙar lu'ulu'un asali mai layi biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya. A 1957 aka yi gwanjon wannan sarƙar a kan kusan dala dubu 150.

Yau farashin na asali ya sake hawa saboda ƙarancinsa, kuma ba a cinikinsa da baki. Yana zuwa da takardar gwaji daga cibiyar da aka sani, irin DANAT ta Baharain ko GIA ta Amurka. Baharain ma ta hana cinikin na kiwo a ƙasarta don kare na asalin. Saboda haka in an sayar wa Hajiya sarƙa cikakkiya, ƙwayoyi manya, kai ɗaya, a kuɗin da alhaji zai iya cirewa daga guzurin tsaraba, kuma babu takarda, to na kiwo ne in an yi sa'a. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne, domin na kiwo mai kyau kaya ne na a zo a gani.

To ta yaya zan gane jabu da kaina?

Nan ne nake so ki zauna ki karanta da kyau. Gwaji ɗaya ba ya isa, ki haɗa aƙalla uku. Ki yi su da rana kusa da taga, a kan farin ƙyalle, domin fitilar shago tana ƙawata komai.

Ki fara da gogawa. Ki kama ƙwaya biyu daga can kusa da maɓallin sarƙar, inda ido ba ya kaiwa, ki goga su da juna a hankali. Na gaske za ki ji ɗan gurzo, kamar akwai garin yashi mai laushi a tsakani, wani lokaci har ɗan farin gari ya fito, in kika share da yatsa wurin ya koma yadda yake. Jabu zamewa yake yi sumul kamar an shafa mai. Dalili kuwa, ɓawon na gaske faranti-faranti ne ƙanana da suka hau kan juna, gefensu ne kike ji. Wasu suna yin wannan gwajin da bakin haƙorin gaba na sama, kuma yana aiki, sai dai ni ban cika son sa kayan da hannu goma suka taɓa a baki ba, mai shago ma ba zai ji daɗi ba.

Sai ramin zare, wanda a wurina ya fi kowane gwaji faɗin gaskiya. Ki ja ƙwaya biyu ki raba su kaɗan ki leƙa bakin ramin. In kina da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya da agogo, mai ninka abu sau goma, ya fi. Ramin na gaske ƙarami ne, ƙasa da milimita ɗaya, bakinsa a tsaftace kamar an yanka da reza. Na jabu yakan fi faɗi, kuma za ki ga fentin ya taru ya yi tudu a bakin ramin, ko ya ɓare ya bar gilashi ko roba a fili. Tsohuwar sarƙar jabu kam fentin yana saɓulewa kamar bawon gyaɗa.

Na uku, sanyi da nauyi. Ki ɗora sarƙar a kumatu. Na gaske da sanyinsa, sai ya ɗan jima kafin ya ɗauki ɗumin jiki. Roba ba ta da sanyi ko kaɗan, kuma ba ta da nauyi a tafin hannu. Amma ki yi hattara, jabun gilashi ma yana da sanyi da nauyi, don haka wannan gwajin roba kawai yake kamawa.

Na huɗu, ki bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Abin da rai ya yi ba ya zuwa kai ɗaya. Za ki ga wannan ta ɗan fi waccan tsawo, wata da ɗan ɗigo, wata da ɗan zobe a jiki, launin wata ya ɗan karkata. In kika ga ƙwaya sittin duk girma ɗaya, launi ɗaya, babu tabo ko guda, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba, inji ne ya yi su. Sarƙar gaske marar aibu tana nan, amma kuɗinta ba na wasa ba ne.

Akwai jabu iri biyu da ke ruɗa ko gwanaye. Na farko shi ne wanda aka yi ƙwayarsa da kwanson kawa, aka goge, aka shafa masa rufi: yana da nauyi da sanyi, kuma mai sayarwa zai ce miki "daga teku yake", wanda ta wata fuska gaskiya ne. Na biyu shi ne irin na Majorika, daga tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen, ƙwayar gilashi da ake tsomawa sau da dama a ruwan sheƙi. Wannan dabara ta samo asali ne daga Faransa tun ƙarni na 17, inda ake haɗa ruwan da ɓamɓaron kifi. Su biyun, gogawa da kamannin kai ɗaya ne ke tona musu asiri.

Wata ta ce in sa masa wuta, ko in jefa shi a ruwan tsami.

Don Allah kada ki yi. Wuta tana ƙona roba, gaskiya ne, amma tana busar da na gaske ta tsattsaga shi. Ruwan tsami, ko lemun tsami, ko ruwan kal, na gasken suke ci su bar gilashi lafiya lau. Ke nan in kayanki na gaske ne, gwajin zai tabbatar miki bayan ya lalata shi.

Ki ba mu misalin yadda kike yi in an kawo miki.

Bara wata Hajiya daga Jahun ta kawo mini sarƙa uku gabanin bikin 'yarta. Ta ce, "Ƙanwata, duba mini waɗannan, so nake in san wadda zan ba yarinyar nan ta tafi da ita ɗakinta." Ɗaya ta fito daga akwatin lefe, ɗaya tsarabar Umara ce, ta ukun kuma ta gada daga kakarta.

Ta lefen ita ta fi ɗaukar ido: fara tas, ƙwayoyi milimita 10, kowace kamar 'yar'uwarta. Na goga biyu, suka zame. Na leƙa rami na ga tudun fenti, a ƙwaya ta uku daga maɓalli ma har gilashin ya leƙo. An shirya ta a kan zaren roba, babu ƙulli ko ɗaya. Jabun gilashi ce. Na gaya mata ba laifi ba ne a sa, kwalliya ce, sai dai kada a lissafa ta cikin kadara.

Ta Umarar tsawonta santimita 45, na ƙirga ƙwaya 58, girmansu tsakanin milimita 7 da 7.5. Gurzo ya fito sarai. Da na mirgina su a kan tire sai na ga ba sa tafiya miƙe, yawancinsu sun ɗan yi siffar ƙwai, biyar ko shida suna da siririn zobe a ciki. Launin fari ne mai ɗan ja-ja. Cikin ramin kuma ɓawo ne tun daga baki har iya inda ido ya kai, babu layin da ya raba. Duk wannan alamar na kiwon ruwan daɗi ne. Na gaske ne, matsakaicin daraja, kuma mai jure wahala.

Ta kakar ce ta tsayar da ni. Ƙwayoyin ƙanana ne, na tsakiya bai wuce milimita 6 ba, suna raguwa zuwa 3 a gefe, launinsu ya koma ruwan madara, ramukan ƙanana ƙwarai, zaren ya yi baƙi ya saki. Gurzo akwai, don haka ba jabu ba ce. Irin wannan shirin mai raguwa, da ƙananan ramuka, ana ganinsa a na asali, domin da awo ake sayar da shi, mai huda ba ya son asarar nauyi. Amma kuma haka aka riƙa shirya na kiwon Japan a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Na haska fitilar waya ta bayan ƙwayar tsakiya a ɗaki mai duhu, ina juya ta. A wasu na kiwo masu siririn ɓawo akan ga layuka miƙaƙƙu na ƙwayar da aka dasa. Ban ga komai ba, kuma rashin ganin ba hujja ba ne.

Na ce, "Hajiya, wannan ta gaske ce, iyakar abin da zan iya rantsuwa a kai ke nan. Ko ta asali ce ko ta kiwo, sai an ɗauki hoton cikinta." Na sake mata zare, na roƙe ta kada ta sayar wa kowa a kan kuɗin tsammani. Amarya ta tafi da ta Umarar.

Wane hoto ke nan? Na asibiti?

Dangin na'urar ɗaukar hoton ƙashi ce, amma an ƙera ta don ƙananan abubuwa, kuma karanta hoton sai wanda ya koya. A na asali ana ganin zobe cikin zobe har tsakiya. A na kiwon teku ana ganin ƙatuwar ƙwaya a tsakiya da ɓawo a kewaye. A na ruwan daɗi kuma ɗan gurbi ne mai lanƙwasa a tsakiya, inda fatar da aka dasa ta zauna. Gwajin yana da kuɗi, ga ɗawainiyar kai kaya waje, don haka bai dace ba sai ga tsohon kayan gado da alamu suka taru a kansa.

Mene ne bambancin na ruwan daɗi da na teku? Wanne zan saya?

Bambancin yana wajen dashe. A na teku, ana tsaga jikin kawar a saka kewayayyar ƙwaya da aka sassaƙa daga kwanson ƙumba, tare da ɗan yankin fata daga wata kawar. Dabbar sai ta lulluɓe ƙwayar. Kawa ɗaya ƙwaya ɗaya take bayarwa, ko biyu. Saboda tushen kewayayye ne, sakamakon ma yakan fito kewayayye. A na ruwan daɗi kuwa, yawanci yankin fatar kaɗai ake dasawa, a wurare da dama, har ƙumba ɗaya ta ba da ƙwaya ashirin zuwa talatin bayan wasu shekaru. Shi ya sa ya fi araha, shi ya sa kuma bai cika zama kewayayye sosai ba. Kusan dukkansa daga ƙasar Sin yake fitowa, babbar kasuwarsa tana Zhuji a lardin Zhejiang. A 'yan shekarun nan Sinawan sun fara dasa ƙwaya a na ruwan daɗin ma, wanda ake kira Edison, manya ne kewayayyu, don haka girma kaɗai ba ya nuna na teku ne.

Na teku iri uku ne sanannu. Akoya na Japan fari ne, yawanci milimita 6 zuwa 8, sheƙinsa kamar madubi, amma ɓawonsa siriri ne, sau da yawa bai wuce rabin milimita ba. Na tsibirin Tahiti da ke Tekun Pasifik duhu ne, mai ɗaukar launin kore ko toka. Na Tekun Kudu, daga Ostireliya da Indonesiya da Filifin, shi ne mafi girma da tsada, fari ko ruwan zinare.

Ra'ayina, ga macen da ke zaune a Bauchi, mai zuwa biki da suna kowane mako cikin zafi da gumi da humra, na ruwan daɗi mai kyau ya fi. In ba Edison ba ne, ɓawo ne tun daga waje har ciki, ko ya ɗan goge abin da ke ƙasa ma lu'ulu'u ne. Akoya mai arha kuwa, in siririn ɓawon ya cinye a gefen rami, ƙwayar ciki ce za ta leƙo, kuma babu gyara. Wajen zaɓe, ki fifita sheƙi a kan girma: ki kalli ƙwayar kusa da taga, in kina ganin siffar tagar a jikinta da kyau, kaya ne. In ta yi fari fat kamar alli, ki ajiye.

Baƙi da mai ruwan zinare fa, launinsu na halitta ne?

Na ruwan daɗi yana fitowa fari, ko ruwan hoda, ko ruwan goro mai haske, ko shuni-shuni. Ba ya fitowa baƙi. In kika ga baƙi ƙanana masu arha, rini ne ko an sauya launin da sinadari. Ki leƙa rami da tabon jiki, rini yakan taru a nan ya fi duhu. Rinanne ma na gaske ne, amma kada a karɓi kuɗin na Tahiti a kansa.

Zan iya ajiye kuɗina a lu'ulu'u kamar yadda muke yi da zinare?

A'a. Zinare ana ɗora shi a sikeli a biya ki farashin ranar. Lu'ulu'un kiwo ba shi da irin wannan kasuwar a wurinmu, ran da kika tashi sayarwa abin da za a taya ba zai yi miki daɗi ba. In kuma ɗan kunne ko zoben zinare ne mai lu'ulu'u a jiki, ki tambaya tun wajen saye ko an cire nauyin ƙwayar, domin ran sayarwa tabbas za a cire.

Sarƙata ta dushe bayan shekara biyu. Me na yi mata?

Kafin ki ba ni amsa na san abin da zan ji: humra, turaren fesawa, man shafawa, da kabbasa. Kwalliyarmu kusan duk abokiyar gabar lu'ulu'u ce. Turaren fesawa yana busar da ɓawon ya bar dauɗa, humra tana bin zare ta shige rami ta mai da wurin rawaya, mayukan ƙara hasken fata da yawa suna da sinadari mai tsami da ke cin allin kai tsaye. Gumin watan Maris da Afrilu ma yana da nasa tsamin. Hayaƙin turaren wuta kuwa zafi ne da maiƙo a haɗe. Na ga amaryar da aka turara da sarƙarta a wuya kwana bakwai, fararen ƙwayoyin suka koma kalar shayi.

Tsarin da nake koya wa kowa shi ne: ki gama wanka, shafa, hoda, turare da turara jiki da kaya, ki jira kamar minti goma fata ta sha, sannan ki sa sarƙar. In kin dawo, ita za ki fara cirewa kafin ɗankwali. Ranar ƙunshi da dilka kuwa ta zauna a akwati, domin lalle yana kama ta kuma ba ya fita. Zobe da abin hannu a cire kafin wanki, wanke-wanke, da jiƙa tsamiya.

Dushewar dauɗa tana fita da wanki. Wadda tsami ya ci kuwa ta tafi ke nan. Yadda za ki bambance: ki goge ƙwaya ɗaya da ƙyalle mai ɗan danshi, in sheƙin ya dawo bayan ta bushe, dauɗa ce.

Yaya ake wanke shi?

Bayan kowace sawa, ƙyallen auduga mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa mai tsabta ya wadatar. A lokacin hunturu ki ƙara kula. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma, lu'ulu'u yana tsakanin 2.5 da 4.5, yashin da ke cikin ƙura kuwa yana kan 7. Ke nan in kika dirje shi da busasshen ƙyalle alhali ƙura na kai, kankare shi kike yi. Ki fara hure ƙurar, sannan ki shafa da danshi a hankali.

In dauɗa ta yi yawa, ki ɗiga sabulun jarirai kaɗan a kofin ruwa mai ɗan ɗumi, ki tsoma ƙyalle ki matse, ki bi ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, sannan ki sake bi da wani ƙyallen na ruwa zalla. Kada ki nutsa sarƙar cikin ruwa, zaren zai sha ya saki. Ki shimfiɗa ta a kan tawul a inuwa ta kwana ta bushe sarai kafin ki ɗaga. Ban da omo, bilic, toka, kanwa, man goge baki, buroshi da soson ƙarfe. In za ki kai zinare wanki ko walda wurin maƙera, ki ce a cire lu'ulu'un tukuna, domin wuta da ruwan wankin zinare duk suna kashe shi.

A ina zan ajiye?

Ita kaɗai, a cikin 'yar jakar auduga ko a naɗe da tsohon ɗankwali mai laushi, a kwance. In kika zuba ta gwangwani ɗaya da zinare da kayan fashin, su za su karce ta. Rataye ta a ƙusa yana miƙar da zare. Kada ki ƙulle ta a leda shekara da shekaru, kada ki bar ta a mota ko a saman sif ƙarƙashin kwano, domin bushewa tana sa ta rawaya ta fara tsagewa. A tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke fashewa, ki riƙa fito da ita kina sawa ko kina shafa mata ƙyalle mai danshi ko da sau ɗaya a wata.

Yaushe ake sake zare, kuma me ya sa ake ƙulli a tsakani?

Ƙullin yana hana ƙwayoyin cin juna a bakin rami, kuma in zare ya tsinke a tsakiyar taron biki ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi maimakon sittin. Da zaren siliki ake yi, ko zaren roba mai laushi da aka yi don wannan aikin. Zaren kamun kifi da waya ba su dace da na gaske ba.

Mai sawa kowane mako ta sake duk shekara, mai sawa jefi-jefi kuma bayan shekara biyu ko uku. Alamar lokaci ya yi ita ce ki ga ƙwaya tana yawo tsakanin ƙulli biyu, ko ƙullin ya yi baƙi, ko zaren ya fara gashi kusa da maɓalli. Kafin ki miƙa wa mai shiryawa, ki ƙirga ƙwayoyin a gabanta, ki shimfiɗa sarƙar kusa da tef ɗin tela ki ɗauki hoto. In aka dawo miki da ita za ki ga ta ɗan gajarce ta kuma ɗan yi tauri, sabon ƙulli ne bai saki ba, bayan sawa biyu ko uku za ta kwanta a wuya.